Karan Dawa Biyu na Malam Haladu

Idan ka tambayi tsofaffin ɗaliban Malam Haladu Fagam a Birnin Kudu, abu uku za su faɗa maka: kekensa mai kwando, rankwashinsa, da yadda ba ya amsa tambaya sai ya fara cewa, "To, bari mu ƙirga." Ni ban taɓa zama a ajinsa ba, ban kuma sha rankwashin ba. Amma da ba don shi ba, da shekara tara na karatuna sun bi ruwa, saboda haka ina ganin na fi su haƙƙin ba da labarinsa.

An haife shi a Fagam, ɗan manomi. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi shekara huɗu a elementare, sannan wani alƙali da ya ga kaifin kansa ya kai shi Kano, inda ya yi shekaru yana karatun Larabci da shari'a a hannun malamai 'yan Sudan. A wurinsu ya koyi Larabcin jarida da na ofis, wanda malaman zaure ba su cika damuwa da shi ba. Turanci kuwa da ƙamus da rediyo ya ƙarasa shi. Ya yi aikin rubutu a kotu, amma zuciyarsa ba ta iya ganin rabon gado da rabuwar aure kullum, sai ya nemi komawa koyarwa a shekarar da aka sami 'yancin kai.

Ranar da ya kai takardunsa, wani akawu ya juya takardar shaidar karatunsa ta Kano, wadda da Larabci aka rubuta ta, sama da ƙasa, ya duba jerin sunayen takardun da ke gabansa bai ga irinta ba, sai ya rubuta: malami marar takardar koyarwa, ya gama elementare. Da layi ɗaya ya shafe masa duk karatun Kano. A kan wannan matakin Malam ya zauna shekara goma sha tara, yana koyar da Larabci da addini, yaran da ya koya wa alif da ba suna zuwa suna zama hedimastocinsa. Bai taɓa kai ƙara ba. Wannan haƙurin nasa har yau yana ba ni haushi.

Ni kuma sunana Zahara'u, 'yar Alhaji Dabo na Gwaram. A Sudan aka haife ni. Babana ya bar Gwaram a ƙafa yana saurayi, da niyyar aikin hajji, ya tsaya neman guzuri a gonakin auduga, ya yi hajjin, ya dawo Sudan ya yi aure, aka haife mu. A 1976 labari ya yi ta zuwa cewa gida ya yi albarka, ana ta shimfiɗa kwalta, ana gina makarantu. Baba ya ce ya gaji da zama baƙo. Muka haye bayan babbar mota, muka iso Gwaram da ruwan farko, ina da shekara goma sha shida.

Kafin mu taso, shugabar makarantarmu ta ba ni takardar sakamakona, ta haɗa mini da wani ɗan littafi mai shafi arba'in, manhajar makarantar, wato tsarin abin da ake koyarwa a kowane aji. Ta ce, "Inda za ki ba su san mu ba. Wannan zai yi magana a madadinmu." Na naɗe su a ɗankwali na cusa a ƙasan akwati.

A shekarar ce aka fara shirin UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa, gwamnati na neman malamai ido rufe. Ni kuwa tun ina ƙarama malanta nake so. Na dami Baba har ya ɗauke ni, tare da yayansa Baffa Badaru, muka je wurin wani hedimasta don ya faɗa mana ajin da ya dace da ni.

Baffa Badaru malami ne na gaske, ba na raina shi. Ya san fiƙihu, ya san nahawu, a unguwarsu shi ake tambaya. Amma bai taɓa shiga ajin boko ba. Ya karɓi takardata ya gyara zama, yana karantawa yana fassarawa, hedimasta yana rubutawa.

"Aji na uku," in ji Baffa, "a makaranta ta biyu, ta gama-gari."

Hedimasta ya gyaɗa kai. A nan, makaranta ta biyu da ya sani ita ce siniya firamare: yaro ya yi aji ɗaya zuwa huɗu a ƙauyensu, sannan ya wuce ta biyu ya yi biyar, shida, bakwai. Ya ce, "Aji uku na makaranta ta biyu, aji bakwai ke nan. To, makin fa?"

Takardar tana da layi uku na lambobi a gaban kowane darasi. Baffa ya ga biyun farko duk lambobi ne irin su hamsin, talatin, ashirin da biyar, ya ɗauka ado ne na ofis, ya tsallake zuwa na ƙarshe da aka cike da alƙalami. "Lissafi arba'in da shida. Kimiyya ashirin da bakwai. Tarihi goma sha shida. Turanci ashirin da shida."

Hedimasta ya ajiye biro. "Alhaji, ko ɗaya babu hamsin. Yarinyar nan faɗuwa ta yi." Ya juyo ya yi mini wata tambaya da Turanci, da sauri, da wani lafazi da ban taɓa ji ba. Na tsaya ina kallon bakinsa. Ya ce, "Ka gani. Ta shiga aji shida, ta gyara Turancinta, baɗi waccan ta zauna jarrabawar shiga sakandare."

Na ce, "Baffa, ba haka ba ne, ba a kan ɗari makin yake ba." Da Hausata mai gauraye da Larabci na faɗa. Baffa ya harare ni ya ce, "Ke, manya na magana." Baba ya ce shi dai ya san shekara tara ina tafiya makaranta. Hedimasta ya ce mai maimaita aji ma shekara tara yake yi. Ba mugun mutum ba ne, abin da aka karanta masa ya yi wa hukunci.

A hanyar gida na ce wa Baba, wallahi ba zan zauna a benci da yaran da na isa in goya ba. Ko a sa ni inda na tsaya, ko in bar karatun gaba ɗaya. Na yi kuka kwana biyu, na ƙi cin tuwo, ga shi dama ban saba da miyar kuka ba. A rana ta uku wani tela maƙwabcinmu ya ce wa Baba, "Alhaji, akwai wani malami a Birnin Kudu da 'yan Sudan suka koyar. Ku gwada shi mana."

Mun same shi da hantsi ranar Asabar a zaurensa, yana gyaran sarƙar keke, ɗan siriri, da tabarau ɗaure da zare. Bayan gaisuwa ya wanke hannu tas kafin ya taɓa takardun. Ya daɗe a kan takardar sakamakon, ya fi daɗewa a kan manhajar. Sannan ya yi mini magana da Larabcin Sudan, irin na kasuwa, ya tambaye ni ko har yanzu ana cin kisra, wainar dawarsu ta can, da miyar kuɓewa. Wata biyu rabon da in ji wannan harshe a bakin wanda ba ɗan gidanmu ba. Hawaye suka zubo mini.

Baba ya ce, "Malam, aji nawa take?"

"To, bari mu ƙirga."

Ya tashi ya shiga gida, sai ga shi da karan dawa biyu da ya zaro daga danga. Muka ji matarsa, Inna Hapsatu, tana cewa daga ciki, "Malam, in ka gama cinye dangar, kai za ka riƙa korar awakin." Ya yi kamar bai ji ba. Ya jera karan a ƙasa, gindi da gindi.

"Alhaji, wannan Sudan, wannan nan gida. Kowace gaɓa shekara ɗaya ce. Sunan makaranta ba ya gaya maka komai, kowace ƙasa da abin da take kiran tata. Shekaru ake ƙirgawa daga ƙasa." Ya dube ni. "'Yar nan, kina da shekara nawa kika shiga?"

"Bakwai, Malam."

"Makarantar farko shekara nawa?"

"Da muka shiga huɗu ce, muna ciki aka mayar da ita shida."

Ya ƙirga gaɓa shida ya yi tsaga da wuƙa. "Ta biyun?"

"Uku. Bayanta akwai wata ukun, babbar sakandare."

Ya ƙara gaɓa uku ya yi tsaga. Ya koma kan karan gida ya ƙirga bakwai. "Firamarenmu. Bana aka fara mayar da ita shida, amma duk 'yan matan da za ta tarar a gaba bakwai suka yi, da su za mu auna ta." Ya ɗora yatsa a kan tsagata ta ƙarshe, ya ja shi zuwa ɗaya karan. Ya sauka gaɓa biyu sama da firamare.

"'Yarka ta wuce firamare da shekara biyu, Alhaji. Makin kuma, layin farko shi ne iyakar makin darasin, na biyu shi ne abin da in ba a kai ba an faɗi, na uku nata. Lissafi arba'in da shida ne cikin hamsin. A ma'auninmu casa'in da biyu ke nan cikin ɗari."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sake faɗa, ya kuma sake faɗa. Ni na ɗauka an gama, yau za a rubuta mu tafi. Malam ya ce mu ba shi mako uku.

Baba ya ce, "Mako uku, Malam? An ce kwalejin malamai mata za ta rufe ɗaukar ɗalibai kafin azumi."

"Na sani. Shekaru mun ƙirga, saura abin da ke cikin shekarun. Buhu biyu na iya zama tsayi ɗaya, ɗaya gero ɗaya ƙaiƙayi."

Aka bar ni a wurin Inna Hapsatu. A makonnin nan na ga yadda mutumin yake aiki, kuma na sha jin kamar in fizge takarduna in gudu. Ya hau keke ya je wurin wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a sakandare, ya aro manhajar aji ɗaya zuwa uku da littattafansu. Kullum in ya taso daga makaranta ya yi azahar, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, manhajar Sudan a dama, ta gida a hagu, ƙamus a tsakiya. Ya ja layi a takarda ya raba ta uku: sunan darasi da Larabci, abin da ake koyarwa a cikinsa, da darasin da ya yi daidai da shi a nan.

Wasu sun zo da sauƙi. Wasu kuwa sai da ya yi ta juyi. A takardata akwai darussa huɗu, nahawu, karatu, insha'i da hadda, kowanne da makinsa. Ya ce a nan duk darasi ɗaya ne, Larabci, in ya jera su huɗu za a ɗauka rabin karatuna na allo ne. Ya haɗe su, ya tara makin, ya yi bayani a ƙasa. Lissafi kuma akasin haka: suna ɗaya ne, amma a cikinsa akwai ƙidaya da aljabara da awon kusurwa, ya fito da su fili don kada a zaci tarawa da ɗebewa kawai na iya. Akwai wani darasi da sunansa ke nufin tsarin gida. Ya karanta abin da ke ciki, girki da ɗinki da renon jariri, ya ce wannan akwai shi a nan, ya ba shi sunan da 'yan kwaleji suka san shi da shi. Da ya zo kan tarihi sai ya rubuta: tarihin Sudan da ƙasashen Larabawa, ba ta yi tarihin Nijeriya ba.

Na ce, "Malam, wannan ai ba a tambaye ka ba."

Ya ce, "In na rubuta tarihi kawai, za su ɗauka nasu ne. Ranar jarrabawa a tambaye ki sarakunan Kano, ki ba su na Sinnar ta Sudan?"

Bai kuma yarda da manhajar haka nan ba. Ya ce manhaja niyya ce, ba kullum malami ke kaiwa ƙarshenta ba. Duk babin da ya fassara sai ya ba ni allo da alli ya ce in yi. Inda na iya ya sa alama. Babi biyu na ƙarshen kimiyya ba mu kai ba, malamarmu ta haihu. Na so in yi shiru, ya gane daga tambaya ta biyu. Ya rubuta cewa suna cikin manhaja amma ba a koyar ba.

Ana cikin mako na biyu sai ga Baffa Badaru da Baba. Labari ya kai wa Baffa cewa makarantar tawa sakandare ce, kuma maimakon ya ji kunya, sai ya zo da sabon ƙarfi. Wanda ya yarda a kai ni aji shida, yanzu shi ne mai neman a ɗora ni a kan rufi.

"Malam Haladu, ai magana ta ƙare. Takarda ta ce aji uku na sakandare. Ka rubuta ta gama aji uku, su sa ta a aji huɗu. Ba ƙarya ka yi ba, abin da ke rubuce ne."

"Abin da ke rubuce ne, Malam Badaru, amma ba abin da za su fahimta ba ne. Aji ukunsu a kan shida yake zaune, namu a kan bakwai." Ya jawo karan nan biyu, waɗanda Inna Hapsatu ta riga ta haƙura da su. "Ga shi. Gaɓa tara ce. Ba ni da ta goma da zan ba ta."

"To, wannan kalma da suka sa mata a ƙasa, jayyid jiddan, mai kyau ƙwarai. An ce a boko mai kyau shi ne kiredit. Ka sa kiredit."

"Kiredit ba yabo ba ne, matsayi ne da hukumar jarrabawa take bayarwa bayan an gama aji biyar. In na sa shi, na ce ta zauna jarrabawar da ba ta zauna ba. Zan rubuta kalmar yadda take, in faɗi ma'anarta, in faɗi daga maki nawa zuwa nawa ake ba da ita a can."

Baffa ya gyara rawani. "Kai da za ka taimaki 'yar mutane, sai ka riƙa rage mata?"

Nan ne kaɗai na taɓa jin muryar Malam ta canza. Ya ce, "Ni an taɓa rage mini, na san ciwonsa, ba zan yi wa ɗan kowa ba. Amma ƙari ma cuta ne. In na ɗora ta inda ƙafarta ba ta kai ba, ni ina Birnin Kudu ina shan fura, ita ce za ta faɗo a gaban mutane."

Baba, wanda bai cika magana a gaban yayansa ba, ya ce, "Yaya, a bar shi ya yi yadda ya gani."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Turanci. Ashirin da shida cikin hamsin, da maki ɗaya na tsallake faɗuwa. Malam bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa a Sudan sai a shekara ta bakwai ake fara Turanci, saboda haka shekara uku kawai na yi, kuma duk sauran darussa da Larabci aka koya mini su. Ya rubuta cewa a lissafi na kai 'yan aji uku na nan, a Larabci na wuce su, a Turanci ina bayansu da nisa. Da ya karanta mini na tashi na shige ɗaki na ƙi fitowa. Na ce wa Inna Hapsatu mijinta ya kashe ni da hannunsa. Ta yi dariya ta ce, "Shekara talatin ina fama da shi. Ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya faɗa a gaban baƙi."

Washegari ya ajiye mini littafin Turanci na aji huɗun firamare a bakin ƙofa. Na ji haushi na ɗauka. Kafin makon ya ƙare mun shiga na aji biyar.

Ya buga aikin a tafiretar wani mai rubuta wasiƙu da ke bakin kasuwa, da yatsa biyu, shafi goma sha ɗaya. A shafin farko ya zana karan nan biyu a matsayin tsani biyu, da lambobin shekaru a gefe. Ya sa hannu, ya kai aka buga masa hatimi a ofishin ilimi, ya liƙa takardun Larabcin na asali a baya don duk mai shakka ya kai wa wani ya duba. Baba ya kawo masa zabi biyu da ƙwaryar man shanu. Ya karɓi man, ya ce zabin su koma Gwaram, dangarsa ba ta da ƙarfin riƙe su yanzu.

Saura kwana huɗu a rufe muka isa kwalejin, ni da Baba. Malam bai zo ba, yana da aji. Shugabar wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta murmushi. Ta karanta shafin farko, ta juya, ta koma baya. Ina ganin lokacin da ta iso wurin Turancin, don ta ɗago ta dube ni. Na ce a raina shi ke nan, Malam ya gama da ni.

Ta kira malamar lissafi ta ba ni tambaya biyar a allo. Lambobinsu na boko ne, amma Malam ya riga ya sa na saba da su. Na yi huɗu daidai, ta biyar ban gane Turancin tambayar ba. Shugabar ta yi mini magana da Turanci a hankali, na amsa abin da na iya, guntu-guntu.

Ta ce wa Baba da Hausa, "Alhaji, bana takardun waje sun zo mini da yawa. Kowace fassara cewa take yi yarinya ta fi kowa a komai, sai in rasa wadda zan gaskata, in sa su duka a aji ɗaya. Wannan ta faɗi inda 'yarka ta gaza, na gwada na ga haka ne. Ta faɗi inda ta iya, na gwada na ga haka ne. Saboda haka sauran ma na yarda." Ta ɗauki biro. "Aji uku. Amma za ta riƙa zuwa darasin Turanci da 'yan aji ɗaya da yamma, in ba ta kama ba a ƙarshen shekara ta maimaita. Wane ne ya yi wannan aikin? Sufeto ne?"

Baba ya ce, "Malamin Larabci ne a firamare."

Ban maimaita ba. Na sha wuya a zangon farko, 'yan aji suna kirana 'yar Sudan, suna kwaikwayon Turancina, ni kuma ina yi musu aikin lissafi suna biyana da tarihin Nijeriya. Da an sa ni a aji huɗu kamar yadda Baffa ya so, da ban kai ƙaramar salla ta gaba ba. Wannan ban taɓa faɗa wa Baffa ba, har Allah ya karɓi ransa yana cewa an cuce ni shekara ɗaya.

A 1979 na fito da takardar malanta mai daraja ta biyu, aka turo ni Birnin Kudu, makarantar da Malam Haladu yake. Ranar farko na shiga ofishin hedimasta, na ga allon sunayen malamai a bango, an jera su bisa matsayi. Sunana na uku. Nasa na goma sha ɗaya, a ƙarƙashin yaran da suka gama firamare shekaranjiya. Ina tsaye sai ga shi ya shigo ɗaukar alli. Ya ja da baya ya ba ni hanya, ya ce, "Malama, barka da zuwa." Da gaske yake, fuskarsa cike da murna. Ni kuwa kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ranar Asabar da hantsi na je gidansa. Na gaida Inna Hapsatu, na wuce bayan ɗaki na zaro kara biyu daga danga. Ta ce, "La ilaha illallahu, an koya wa wata." Na kai su zaure na jera a gabansa, gindi da gindi.

"Malam, a ɗauko mini takardar Kano."

"Wace takarda kuma, Zahara'u? Saura shekara ɗaya in ajiye aiki. Abin da ya wuce ya wuce."

"Ban tambayi abin da ya saura ba, Malam. Shekara nawa aka yi a elementare?"

Ya dubi karan. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata takarda da ta yi ja, naɗe a cikin fatar akuya. Ya zauna, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

Na yi aikin yadda ya koya mini. Na je Kano na nemo abin da aka koyar da su a shekarun, na raba takarda uku, na rubuta har da cewa bai yi darasin dabarun koyarwa ba, don na san in na ɓoye ba zai sa hannu ba. Wata bakwai ana kai da komo, sannan amsa ta zo: an karɓi takardarsa a matsayin ta ƙwararren malamin Larabci. Saura wata huɗu ya bar aiki. Shekarun da suka wuce ba wanda ya dawo masa da su, amma an goge allon ofis an sake rubutu, sunansa ya hau sama da nawa.

Sai dai ba ranar amsar nake yawan tunawa ba. Ranar zauren nake tunawa, da na riƙe wuƙa ina jiran ya faɗi shekarun. Mutumin da ya ƙirga wa 'ya'yan mutane nasu, shekara goma sha tara ba wanda ya ce masa kawo naka. Na ɗora yatsa a gaɓar farko na ce, "To, Malam, bari mu ƙirga."

Ya share ido ya ce, "Huɗu."